Golf Ɗin Fatakwal da Bajimin Lefe

Duk Gidan Ɗorawa babu wanda bai san farin san nan na Muhammad Auwal ba. A ɗaure yake a turke bayan rumbu, yana cin harawa da dusa kamar baƙon da aka gayyato, tozonsa har ya fara kwantawa gefe ɗaya saboda ƙiba. Ba a raɗa masa suna ba, amma matan gari idan sun zo wucewa sai su ce, "Sannu, lefen Aina'u." Gaskiya kuwa suka faɗa. Da kuɗinsa za a haɗa akwatunan Aina'u, yarinyar da Muhammad Auwal zai aura, kuma iyayenta sun sa rana bayan an kai amfanin gona gida. Idan babu san, babu lefe. Idan babu lefe, sai dai a ɗaga biki.

Shi Auwalu, kamar yadda abokai ke kiransa, yana son Aina'u irin son da ke hana mutum ganin laifi ko a tarinta. Abu ɗaya ne ke ci masa rai. Kullum idan za ta tafi kwaleji a Bici, sai ta tsaya a bakin titi ta jira motar haya, a cusa ta a baya tsakanin kwandon tumatir da wata tsohuwa mai kaji. Ranar da ya ga ta sauko tana karkaɗe gashin kaza daga hijabinta, har cikin ƙirjinsa ya ji abin.

To, ana cikin haka, wata rana da hantsi yana hutawa a gindin darbejiya a bakin gona, yana latsa waya, sai ya ci karo da ita a wani shafin saye da sayarwa. Golf ce, mai dogon baya, shuɗiya, tana sheƙi kamar an lashe ta. A ƙarƙashin hoton an rubuta miliyan ɗaya da rabi. Auwalu ya murza ido. Ya san irinta a Kano ko wadda ta sha wahala ba a taɓa ta a ƙasa da miliyan huɗu. Nan take ya hango kansa yana jigilar fasinja da tumatir daga Bagwai zuwa Bici, kujerar gaba kuwa babu mai zama sai mutum ɗaya, ko nawa za a biya.

Ya tura saƙo. Kafin ya ajiye wayar amsa ta shigo.

Mai motar ya ce sunansa Alhaji Abdulkabir, yana aiki da wani kamfani a Fatakwal, an yi masa canjin wurin aiki zuwa ƙasar waje, jirginsa ƙarshen mako. Shi ba riba yake nema ba, so yake motar ta faɗa hannun ɗan'uwa Musulmi ɗan Arewa. Ya turo ƙarin hotuna, ya turo hoton takardun mota, har da na katin shaidarsa. Hausarsa raɗau, kowace jimla da insha Allahu a gindinta. Ya ƙara da cewa mutum uku na bin sa da kuɗi a hannu, amma shi hankalinsa ya fi kwanciya da Auwalu.

Auwalu bai ƙarasa aikin ranar ba. Ya saɓi fartanya ya nufi gida.

Mahaifinsa, Malam Muhammadu Sani, mutum ne da ya yi suna a kara wajen ciniki. Dillalan shanu idan sun hango hularsa sai su gyara tsayuwa. Ya karɓi wayar, ya nesanta ta da fuskarsa, ya ƙare wa hoton kallo.

"Kai, har ka ce masa ka yarda da kuɗin?" Bai taɓa kiran sunan ɗan nasa na fari ba, sai dai kai.

"A'a Baba, amma ai araha ce."

"Araha a gidan wa? Kira min shi."

Aka kira, aka saki murya kowa na ji. Bayan gaisuwa mai tsawo, har da tambayar ruwan Fatakwal, Malam ya gyara zama a kan buzu, ya yi gyaran murya irin ta kara.

"Alhaji, na taya dubu ɗari tara."

Auwalu ya dafe kai. Shi kansa Malam jira yake ya ji an ce albarka, a yi ta ja har a haɗu a tsakiya. Sai kawai muryar ta ce, "Baba, don girmanka, na sallama."

Malam ya dubi ɗansa, ya dubi matarsa Inna Barira da ke tankaɗe a ƙofar ɗaki, ya ɗaga gira.

"Da sababbin tayoyi?"

"Da sababbin tayoyi, Baba."

"A ciko mata tanki."

"Insha Allahu."

"To na saya. Allah ya sa albarka."

Sai Alhajin ya kawo sharaɗinsa cikin ladabi. A tura dubu ɗari huɗu kafin alƙalami, a ciki har da kuɗin babbar motar da za ta ɗauko Golf ɗin zuwa Kano, sauran idan ta iso. Ya turo lambar asusu. Sunan da ke jiki na wata mace ne, ya ce ai na maiɗakinsa ne, nasa an rufe saboda tafiyar.

"Kin gani ko?" in ji Malam da aka kashe wayar. "Yaran yanzu sai a faɗa musu kuɗi su ce to."

"Ni dai ban taɓa ganin ka sayi ko akuya ba ka buɗe bakinta ba," in ji Inna Barira, ba ta ko ɗago ba.

"Wannan zamani ne, ke kuma."

Kuɗi dai babu su a ƙasa. Aka yanke cewa jibi, ranar kasuwa, za a kai san. Auwalu ya lissafa a ransa cewa kafin kaka motar ta mayar da kuɗin lefe har da ɗoriya.

Da la'asar ya yi wanka, ya fesa turare, ya tafi zance. Aina'u ta fito zaure da tabarma, ta zauna can gefe, tana wasa da bakin mayafinta. Ya miƙa mata wayar yana murmushi har kunne.

"Ranki ya daɗe, ga kujerarki."

Ta duba. Ta yi murmushi ita ma, don ta san don wa ake wannan rawar kai. Da ta ji kuɗin sai murmushin ya tsaya a rabi.

"Yaya Auwalu, nawa ka ce?"

"Ɗari tara. Baba ne ya murɗe shi."

"Bai ko ce a ƙara ba?"

"Ina fa! Kin san Baba."

"Na san Baba. Shi Alhajin ne ban sani ba." Ta ja hoton da yatsu biyu ya ƙara girma. "Me ya sa aka goge lambar motar? Kuma ka ga nan a gaban wani shago take, nan kuma a cikin gida mai jan ƙasa. Ka gan shi ido da ido? Ka kira shi ta bidiyo ya zagaya maka ita?"

"Na gwada. Ya ce sabis ɗinsu ba kyau."

"Amma yana da kyau wajen turo lambar asusu."

Auwalu ya ɓata rai. Ya zo da kyauta a tafin hannunsa, ga shi ana juya ta ana neman tsutsa.

"Ke dai ba kya so a huta da ke. Mutumin nan har katinsa ya turo."

"Hoton kati ai kowa zai iya samu, ko na wanda ya yar da nasa ne. Ni ba na ƙin mota, wallahi na gaji da kajin mutane. Amma san nan fa..." Ta sunkuyar da kai, muryarta ta yi ƙasa. "Ka san ko mene ne shi."

Wannan ta sanyaya masa jiki. 

"Ba Muntaka yana Fatakwal ba?" ta ce. "Ɗan kawunka mai sayar da albasa. Ya je ya gano mana mana. Ko taɓa ta ya yi ya ji ƙarfe ce."

A nan zauren Auwalu ya kira Muntaka, ya ce zai je ko yanzu, a ba shi kwatance kawai. Aka tura wa Alhaji saƙo. Amsa ta ɗan jima wannan karon. Da ta zo, sai ga bayani: motar tana cikin harabar kamfani, masu gadi ba sa barin baƙo ya shiga sai da takardar izini, takardar kuma ba a bayarwa sai wanda ya riga ya biya kafin alƙalami. Ya ƙara da cewa a hanzarta, wani Alhaji daga Aba ya matsa masa.

Aina'u kallonsa kawai ta yi, irin kallon da ya fi magana ciwo.

A hanyar gida zuciyar Auwalu ta kasu biyu. Rabi na cikin shuɗiyar mota, rabi ya fara jin ƙaurin wani abu. Ya samu mahaifinsa yana alwala, ya rage murya ya faɗa masa zancen Muntaka.

"To sai me?" in ji Malam. "Kamfani ai da doka. Ni na ce na saya, shi ya ce ya sallama. Tun da nake ban taɓa cewa na saya na dawo na ce na fasa ba. So kake a ce Muhammadu Sani ya zama ƙaramin mutum a Fatakwal?"

"Baba, ba wanda ya san ka a Fatakwal."

"Yanzu ai an san ni."

Nan maganar ta tsaya. Auwalu ya san idan mahaifinsa ya kafe a kan maganar da ya furta, ko tarakta ba ta jan sa. Ya tura wa Aina'u saƙo cewa Baba ya ƙi. Ta amsa da kalma biyu: "Bari kawai."

Washegari tun kafin la'asar ta aiko a ce masa ya zo. Ya tarar har ta shimfiɗa tabarmar, fuskarta cike da wata dariya da take ta dannewa.

"Yaya Auwalu, ka taya ni murna. Na yi mota."

"Wace irin mota?"

"Golf. Shuɗiya. Mai dogon baya."

Ta miƙa masa wayarta. Da safe, tsakanin darasi da darasi, ta nemi tallan ta tura saƙo da lambarta, ta ce sunanta Hajiya Humaira daga Bacirawa. Ta tambaya ko motar na nan. Aka ce tana nan, ba a yi cinikinta da kowa ba. Ta taya dubu ɗari shida. Ta danna masa saƙon murya, sai ga muryar nan dai mai ladabi ta cika zauren: "Hajiya, don ke mace ce mai mutunci, na sallama miki. Ki turo kafin alƙalami yau, insha Allahu jibi tana ƙofar gidanki."

Auwalu ya buɗe baki.

"Ɗari shida? Mu ya sayar mana ɗari tara!"

Dariyar da take riƙewa ta ƙwace. "Abin da ya dame ka ke nan? Ni har na ce ya haɗa min da firji, ya ce akwai wani ƙarami a ofis."

"Kai! Amma mutumin nan..."

"Tsaya, da saura." Ta nuna masa yadda ta saka hoton motar a manhajar bincike, wadda ke nemo duk inda hoto ya taɓa fitowa. Ga Golf ɗin nan a wani talla na Legas tun bara, da lambarta a fili, da kuɗinta na gaskiya. Ga ta kuma a wani shafin, wai tana Kalaba, mai ita soja ne za a tura shi daji. Shi kuwa shafin Alhaji Abdulkabir ko wata bai yi da buɗewa ba, kuma an rufe wurin da mutane ke yin sharhi.

"Wanda ba shi da mota ai ko nawa ka taya zai sallama," ta ce. "Kafin alƙalamin yake so. Da kun tura, gobe direba zai kira ya ce an tsare shi a hanya, a ƙaro. Jibi taya ta fashe. Har sai san ya ƙare tas, sannan wayar ta daina shiga. Haka aka yi wa mijin wata 'yar ajinmu da keke mai ƙafa uku."

Auwalu ya jingina da bango. Kunya ta rufe shi, sai kuma wani sanyi ya biyo bayanta, irin na wanda ya taka bakin rijiya a duhu aka janyo rigarsa. Ya dube ta, ya ji duk duniya babu mai kyan hankali da kyan ido kamarta, ya rasa ta inda zai fara.

"Aina'u, ni dai so na yi ki daina shan wahala."

"Na sani," ta ce a hankali. "Shi ya sa ban yi fushi ba. Amma in ka sayar da lefena ka saya min hoto, a nan za mu ɓata."

"To Baba fa? Ya ce ba ya fasa ciniki."

"Ba sai ya fasa ba. Ka kai masa muryar nan kawai. Amma don Allah kar ka ce ni ce. Ina zan sa kaina in ya ji na taya abin da ya taya?"

Auwalu bai samu mahaifin nasa a ranar ba, don Malam ya tafi ta'aziyya wani ƙauye sai da safe ya dawo. Ko da Auwalu ya fito, har Malam ya saka babbar rigarsa ta kasuwa, ya kwance san daga turke, yana riƙe da igiya. Inna Barira na tsaye da hannu a haɓa.

"Baba, kafin mu tafi, ji wani abu."

Ya danna. Muryar ta sake sallama wa Hajiya Humaira. Malam ya saurara, ya ce a maimaita. Aka maimaita.

"Wannan ba muryar mutumina ba ce?"

"Ita ce."

"Yaushe ya yi wannan?"

"Jiya da safe."

"Bayan ya sallama mini?" Malam ya saki igiyar, Auwalu ya yi wuf ya cafke. "Ciniki a kan ciniki? Ya sayar mini, ya juya ya sayar wa wata? Ai ko a kara, dillalin da ya yi haka ba ya sake shigowa. Wannan ba ɗan kasuwa ba ne, ɓarawo ne!"

"Baba, motar ma babu ita. Hoton na wani ne a Legas."

Amma Malam bai kai nan ba tukuna. "Nawa ya bar mata?"

"Ɗari shida."

"Ɗari shida!" Ya cire hula ya mayar. "Wace ce wannan Hajiyar? Wannan ai ta fi ni iya ciniki."

Auwalu ya dubi ƙasa. Inna Barira ta dubi ɗanta, ta ga yadda kunnuwansa ke motsi, ta gane. Ta juya ta shige ɗaki, kafaɗunta na rawa.

"Kira min shi," in ji Malam.

Aka kira. Alhajin ya ɗauka da fara'a, yana tambaya ko an tura.

"Ba a tura ba, ba kuma za a tura ba. Kai, ba ka sallama mini ba? Wace ce Hajiya Humaira?"

Alhajin ya ce, "Baba, ai... motocin biyu ne."

"To kai Muntaka ya ga ko ɗaya. Ko sitiyarin ka nuna masa."

Ƙit, aka kashe. Da aka sake kira, wayar ba ta shiga ba.

Malam ya tsaya yana huci, sannan ya gyara rigarsa. "Ka shaida, ni ban fasa ba. Shi ya warware."

"Na shaida, Baba."

"Mayar da shi turke. Ka ƙara masa dusa, ya sha tsayuwa." Ya nufi ƙofa, tunda ya riga ya yi shiga, ya ce bari ya leƙa kasuwar ya gargaɗi mutane. Auwalu ya san kafin azahar duk kara za ta ji yadda Malam Muhammadu Sani ya kama ɓarawon Fatakwal da tambaya ɗaya.

Da yamma, a zaure, su biyu suka kai ƙarar tallan a shafin, suka tura hotunan hirar a zauren waya na matasan gari don kar wani ya faɗa. Auwalu ya ba ta labarin abin da Baba ya ce game da Hajiya Humaira, ta rufe fuska da mayafi tana cewa ta shiga uku, ya rantse mata bai faɗa ba, amma Inna kam ta gano.

"Shi ke nan, ba zan iya haɗa ido da ita ba har abada."

"Bayan kaka ai dole."

Ta harare shi ta gefen mayafi, hararar da ya so a ce ta daɗe. Sai wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta tuntsire.

"Alhajina ne. Ya ce direba na jira, in na turo yau zai rage min dubu hamsin. Har da cewa in kula da kaina."

Auwalu ya miƙe zaune. "Ki kula da kanki? Shi a wa? Toshe shi."

"Kishi kake da mutumin da ko mota ba shi da ita?"

"Ni ma ai ba ni da ita. Toshe shi, Aina'u."

Ta toshe, tana dariya har da hawaye. Sannan ta ce gobe darasinta na safe ne, in ba zai damu ba ya zo da kekensa ya raka ta bakin titi, ya taya ta zaɓar motar da babu kaji.